Kuɗin da ke haihuwa, da wanda ake cinye 'ya'yansa

*"Baba, ni malamin makaranta ne a nan Damagaram, shekarata 25, albashina bai taka kara ya karya ba. Wani abokina ya ce ruwan da ake biya a kan ajiya iri biyu ne, ɗaya ba ya ƙaruwa, ɗaya kuma yana ninkawa, wai wanda ya fara ajiya tun yana saurayi ba a kamo shi. Ni jika goma kaɗai nake iya cirewa a wata. Shin za ta yi mini wani abu, ko in bari sai albashi ya ƙaru?"*

Ɗana, kada ka bari. Amma ba zan tsaya a nan ba, don na ga mutane da yawa an gaya musu "ka fara da wuri" sun fara, bayan shekara biyu suka duba littafin ajiyarsu suka ga ƙarin bai kai kuɗin buhun gero ba, suka ce an yaudare su, suka kwashe. Ba a yaudare su ba. Ba a dai nuna musu yadda abin yake tafiya ba ne. Ni aikin lissafin kuɗi na yi har na ajiye aiki, yanzu kuma ina riƙe wa wasu 'yan Kasuwar Dole littattafansu, don haka bari in bi da kai a hankali.

Mu fara da akuya, don kowa a garin nan ya san ta. Mata biyu kowace ta sayi akuya guda. Ta farko duk lokacin da akuyar ta haihu sai ta yaye ɗan ta kai shi kasuwa, ta yi hidimar gida da kuɗin. Bayan shekara goma akuyarta guda ce, abin da take samu a shekara ta goma shi ne abin da ta samu a shekarar farko. Ta biyu kuwa takan bar 'yan matan a turke. Su ma su girma su haihu, 'ya'yansu su haihu. Ba ta fi ta farko wayo wajen zaɓen akuya ba, kuma ba ta fi ta jari ba. Abu ɗaya ne ya raba su: inda abin da aka haifa yake zuwa.

To haka kuɗi yake. Abin da ka ajiye shi ne uwar kuɗi. In ana lissafa ƙarin a kan uwar kaɗai, kowace shekara adadi ɗaya, wannan nake kira ruwa bisa uwa. In kuma ƙarin bana ana haɗa shi da uwar, baɗi a lissafa a kan su duka, wannan shi ne ruwa bisa ruwa. A takardun banki za ka ga an rubuta na farko intérêt simple, na biyu intérêt composé.

Jika ɗari a hannu biyu

Bari mu ɗauki 10 cikin ɗari a shekara. Ba don akwai bankin da zai ba ka haka a kan ajiya ba, sai don lissafinsa yana da sauƙin bi da ka. Ka ajiye jika ɗari, wato sefa 100,000.

In ruwa bisa uwa ne, kowace shekara jika goma ce. Shekara goma kana da 200,000, shekara ashirin 300,000, shekara talatin 400,000. Tafiyar raƙumi ce, taku ɗaya ba ya fin ɗaya.

In ruwa bisa ruwa ne, shekarar farko ba bambanci, 110,000. Shekara ta biyu ana lissafi a kan 110,000, sai ƙarin ya zama jika goma sha ɗaya, ka tashi da 121,000. Ta uku 133,100. Ka duba da kyau: bayan shekara uku cur, tazarar da ke tsakaninsu 3,100 ce kawai. A nan ne mutane ke karaya. Wa zai ɗaure cikinsa shekara uku saboda jika uku? Amma ci gaba da tafiya. A shekara ta goma ya kai wajen 259,000. A ta ashirin wajen 673,000. A ta talatin wajen 1,745,000, alhali ɗan'uwansa yana 400,000.

Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda ƙarin ya rabu a kan shekarun. Goman farko sun kawo kusan jika ɗari da sittin. Goma na biyu sun kawo sama da jika ɗari huɗu. Goma na uku sun kawo sama da miliyan guda. Kashin bai canza ba, 10 cikin ɗari ne tun daga farko har ƙarshe. Garken ne ya yi yawa, sai haihuwar ta yi yawa. Kuma ga inda maganar abokinka take da gaskiya: wanda ya makara da shekara goma yakan ɗauka goman farko ya rasa, waɗancan masu ɗan ƙari. A'a. Tunda ranar da zai buƙaci kuɗin ba ta matsa ba, goman ƙarshe ya rasa, masu kawo miliyan ɗin. Shi ma dole sai ya bi ta shekarun rarrafe, sai dai ba zai kai ga na gudu ba.

In kana son ka gwada da kanka, ga yadda ake rubuta su. P uwar kuɗi ce, r kashin ne (10 cikin ɗari shi ne 0.10), n yawan shekaru:

```
P × (1 + r × n)
P × (1 + r)^n
```

Na sama ruwa bisa uwa, na ƙasa ruwa bisa ruwa. Ko ba ka da injin lissafi mai ɗaga lamba, ɗauki na wayarka, rubuta 100000, ka yi ta ninka shi da 1.10, sau ɗaya a madadin kowace shekara. Ina son ɗalibai su yi haka da yatsansu, don idan mutum ya ga lambar tana jan jiki sannan ta fara tsalle, ba ya mantawa.

Akwai kuma wata dabara ta lissafin ka. Raba 72 da kashin da ake ba ka, abin da ya fito shi ne kusan yawan shekarun da kuɗin zai yi kafin ya ninka biyu. A 10 cikin ɗari, shekara bakwai da 'yan watanni. A 6, shekara goma sha biyu. A 3.5, shekara ashirin da ɗoriya. Ba daidai take ƙwabo da ƙwabo ba, amma ta isa ka auna duk maganar da wani zai kawo maka.

Jika gomarka a kan ainihin kashin da ake biya

Yanzu mu sauko ƙasa. A ƙasashenmu masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, waɗanda babban bankinsu shi ne BCEAO, kashin da aka tsayar wa asusun ajiya na talaka shi ne 3.5 cikin ɗari a shekara. Da shi za mu yi aiki, ba da 10 ba. Duk wanda ya yi maka lissafin ajiyar banki da 10 cikin ɗari a Damagaram, labarin wata ƙasa yake ba ka.

Jika goma a wata ita ce 120,000 a shekara. Don sauƙi zan ɗauka kana zuba ta gaba ɗaya a ƙarshen shekara. In wata-wata kake zubawa, abin zai ɗan fi haka kaɗan.

Ka fara yanzu kana 25, ba ka taɓa ba har ka kai 60. Shekara 35 ke nan. Abin da ya fito daga aljihunka 4,200,000 ne. Abin da za ka tarar kusan 8,000,000. Wato kusan rabin kuɗin ba kai ka zuba ba.

Wani abokin aikinka ya ce sai ya yi aure, ya gina ɗaki, albashi ya ƙaru. Ya fara yana 35, shi ma jika goma a wata har 60. Ya zuba 3,000,000, ya tarar da wajen 4,670,000. Tazarar abin da kuka zuba 1,200,000 ce, amma tazarar abin da kuka samu ta haura 3,300,000. Kuma in yana son ya kamo ka, ba jika goma zai riƙa cirewa ba, sai wajen jika goma sha bakwai kowane wata na tsawon shekara 25. Ka tuna a wane lokaci na rayuwa ne zai yi wannan: yara sun shiga makaranta, iyaye sun tsufa, ga suna, ga biki, ga ragon Layya. Albashi ya ƙaru, gaskiya ne, amma bakunan da ke jiran sa sun fi shi ƙaruwa. Ban taɓa ganin magidancin da ya ce mini ajiya ta fi masa sauƙi yana da 'ya'ya biyar a kan lokacin da yake gwauro ba.

Akwai wata magana da ake yawan yaɗawa, ƙila ita abokinka ya ji: wai wanda ya yi ajiya shekara goma kawai, daga 25 zuwa 35, ya daina zubawa ya bar kuɗin, zai fi wanda ya fara daga 35 ya yi ta zubawa har 60. Wannan magana tana da sharaɗi, kuma ba a cika faɗar sharaɗin ba. A 3.5 cikin ɗari ba haka ba ne. Mai shekara goman zai tarar da wajen 3,330,000, mai shekara 25 kuwa 4,670,000 kamar yadda muka gani. Sai kashin ya kai wajen 6 cikin ɗari sannan na farko yake fara wucewa. A 7 cikin ɗari, na farko zai kai kusan miliyan tara, na biyu wajen miliyan bakwai da rabi da ɗan ɗori. Don haka kada ka ce ka yi goma ka huta. Amma ko a 3.5 ɗin, dubi abin da ya faru: 1,200,000 da aka zuba da wuri ya koma kusan ninkinsa uku, miliyan ukun da aka zuba a makare kuwa bai kai ninki biyu ba.

Maganar halal

Na san tana ranka ko ba ka faɗa ba, don kusan duk wanda ya zauna gabana sai mun zo nan. Malamanmu sun yi hani da kuɗin ruwa, kuma mutane da yawa a garin nan ba sa karɓar sa ko an saka musu a asusu. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, wannan ka kai wa malaminka. Abin da zan iya gaya maka a matsayina na mai lissafi shi ne, wannan ninkawar ba mallakar banki ba ce. Lissafi ne kawai na duk abin da ke kawo ƙari, aka mayar da ƙarin cikinsa. Ribar ciniki ma haka take yi, kiwo ma haka, kuma akwai bankin Musulunci a ƙasar nan da ke aiki da rabon riba a madadin ruwa. Sai dai a can ba a yanka maka kashi tun farko, wata shekara ya hau, wata ya sauka.

Bari in nuna maka a ciniki, don a nan na fi ganin sa da idona. Akwai wani yaro da nake duba wa littafi, yana sayar da sabulu, magi, taliya da man girki a tebur. Ya zo mini da jarin jika ɗari. Muka zauna muka ware abin da zai ci, da na haya, da na sadaka, sai muka ga kusan jika biyu ke saura a wata, 2 cikin ɗari na jarinsa. Da ma can wannan jika biyun ba ya sanin inda take shiga, shayi ne, kati ne, "ba ni dala ashirin" ne. Na ce masa ya samo gwangwani daban, duk ƙarshen wata abin da ke ciki ya tafi wajen sari, ba aljihu ba. Raba 72 da 2, ka samu 36, sai dai a nan watanni ne, ba shekaru ba. Wato in kasuwa ta tafi daidai, jarin zai ninka cikin shekara uku. Da ya ci gaba da cinyewa, da bayan shekara ukun ya kashe jika saba'in da biyu bai san ya kashe ba, teburinsa kuma yana nan yadda yake. Watannin farko yakan zo yana ƙorafi wai bai ga komai ba, kwalin sabulu guda ne ya ƙaru. Ranar da ya fara saro kwali biyar a tashi ɗaya har aka rage masa farashi, shi da kansa ya daina ƙorafin.

Amma kada in ɓoye maka iyakar wannan. Ciniki da kiwo ba sa ninkawa har abada kamar yadda takarda ke nunawa. Teburin unguwa yana da iyakar masu saye, in ka cika shi da kaya fiye da abin da unguwar ke ɗauka, kuɗinka ya kwanta ke nan. Awaki kuma in sun kai goma a gidan birni, ga kuɗin dusa da harawa a watan bazara, ga cuta, ga ɓarawo, ga maƙwabta. Shekarar da damina ta yi gardama kowa na sayarwa, farashi ya faɗi. Ribar ta fi ta banki nesa ba kusa ba, amma uwar kuɗin ma tana iya tafiya. Kai kuma malamin makaranta ne, kana aji daga safe, ana iya yi maka canjin wurin aiki zuwa Tanut ko Magariya. In za ka ba wani jari ya juya, to amanarsa ita ce rabin lissafin, kuma a rubuta komai ko ɗan'uwanka ne ciki ɗaya.

Adashi kuma, tunda na san malamai kuna yi a makarantu: yana da kyau wajen tilasta wa mutum ya cire kuɗi, amma ba ya haihuwa. Abin da ka zuba shi kake kwasa. Amfaninsa yana ga abin da ka yi da kwasar. In ta tafi ga tunkiya ko jari, ta shiga layin masu haihuwa. In ta tafi ga sabuwar waya, ta ƙare a nan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, su kuɗinsu yana juyawa tsakanin 'yan ƙungiya yana ƙaruwa, amma da yake akan raba asusun a ƙarshen zango, ninkawar takan tsaya a ranar rabo, sai ga matar da ta mayar da kasonta cikin sana'a.

Abubuwan da ke cin kuɗin ta ƙasa

Na farko shi ne tsadar kaya, kuma ita ma ruwa bisa ruwa take yi, sai dai a kanka. In farashi na hawa da 2 cikin ɗari kowace shekara, raba 72 da 2: cikin shekara 36 komai ya ninka. Ke nan miliyan takwas ɗin da muka lissafa, ranar da za ka karɓe ta, za ta sayi abin da miliyan huɗu ke saye yau. Wannan ba ƙaramin ragi ba ne, kuma ba na son ka gina buri a kan lambar da ba ta nan. Mu da muka ga watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, mun san kuɗin takarda ba dutse ba ne. Kai ma ka ga yadda shinkafa ta yi bayan rufe iyakoki a 2023, ka kuma ga abin da ya sami masu ajiye naira a 'yan shekarun nan. Gaskiyar magana, 3.5 cikin ɗari aikinsa mafi girma shi ne ya hana ajiyarka narkewa, da ɗan ƙari a sama. Ba zai mai da kai attajiri ba. Amma wanda ya tura kuɗin ƙarƙashin katifa, shi tsadar tana cin sa ba tare da komai na rama masa ba. Maganin da na sani shi ne, duk lokacin da albashi ya ƙaru, abin da kake cirewa ma ya ƙaru. In ka tsaya a jika goma har shekara 35, a zahiri ragewa kake yi.

Na biyu, zakka. In ajiyarka ta kai nisabi ta shekara, akwai 2.5 cikin ɗari da za ka fitar. Haƙƙi ne, ba asara ba, amma ka sa shi a lissafi. A shekarun farko da wuya ka kai, daga baya za ka kai.

Na uku shi ne wanda ya fi kowanne, kuma shi ne ya ci ni: taɓawa. Na fara aiki ina saurayi kamar kai, kuma na buɗe asusu da wuri. Amma duk shekara biyu ko uku sai wani abu ya taso, babur, gyaran ɗaki, bikin ƙanwa, in kwashe in ce zan mayar. Sai da na kusa arba'in sannan na yi ajiyar da ban taɓa ba. Ranar da na ajiye aiki na zauna da tsofaffin littattafan na lissafa abin da zai kasance da na bar na farkon, abin ya dame ni ƙwarai, don ba rashin sani ba ne, ni nake koya wa wasu. Duk lokacin da ka kwashe, ba kuɗin kaɗai ka ɗauka ba, ka mayar da kanka shekarun rarrafe. Jika ɗari da ka cire kana 30, a 3.5 cikin ɗari, jika ɗari biyu da tamanin ce ka cire daga hannun dattijon da za ka zama a 60.

Shi ya sa nake ba da shawarar tukunya biyu. Ta farko ta larura ce, rashin lafiya, jinkirin albashi, rasuwa. Ka fara cika ta har ta kai abin da zai riƙe ka wata biyu ko uku, ka ajiye ta inda hannunka zai kai da sauri. Ta biyu ita ce ta nesa, kuma ita ba ta da kati, ba ta haɗe da wayarka, ba kowa ya san da ita ba. A al'adarmu ba a hana ɗan'uwa in ya zo da larura, kuma ban ce ka hana ba. Ka ba shi daga ta farko.

In ka je buɗe asusun

Ka tabbata asusun ajiya ne, wanda ake rubutawa compte d'épargne, ba compte courant da albashi ke shiga ba, don shi wannan ba ya kawo komai, hasali ma ana cirar masa kuɗin hidima. Kuɗin da ke zaune a asusun waya ma haka, yana nan yadda ka bar shi. Sannan ka yi tambaya uku, ka sa a nuna maka a rubuce: sau nawa ake lissafa ƙarin a shekara, shin ana haɗa shi da uwar ko ana tura shi wani asusu, kuma me ake cirewa na haraji ko na hidima. Wannan ta ƙarshen kada ka raina ta. Mai jika ɗari a asusu ƙarinsa na shekara 3,500 ne. In ana cire masa 500 a wata da sunan wata hidima, 6,000 ke nan, ajiyarsa baya take yi yana ganin gaba take.

Nan gaba in kuɗin ya taru za a yi maka tayin ajiyar wa'adi, wadda suke kira DAT, a kulle kuɗin wata shida ko shekara a ba ka kashin da ya ɗan fi. Ba laifi, amma ka lura: sau da yawa idan wa'adin ya cika, ƙarin yakan faɗa asusun da kake ci daga ciki, uwar kaɗai ake sabuntawa. In haka ta faru, ka koma mai sayar da 'yan akuya ba ka sani ba. Ka ce a sabunta da uwa da ƙari gaba ɗaya. Yadda za ka gane kuwa mai sauƙi ne: duba ƙarin bana da na bara. In ba ka zuba komai ba kuma adadinsu ɗaya, ruwa bisa uwa ake yi maka. In na bana ya ɗan fi, yana haihuwa.

Sai abu guda da ya kamata ya zo kafin duk wannan. In akwai bashi mai ruwa a kanka, shi za ka fara kashewa, don wannan lissafin da ke rarrafe a wajen ajiya, a wajen bashi gudu yake. A 2014 an sa iyakar ruwan bashi a yankinmu 15 cikin ɗari ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun ba da rance. A 24, bashin da ba a biya yana ninkawa cikin shekara uku da 'yan watanni. Masu ba da rance na bayan fage kuwa, masu cewa "goma bisa ɗari a wata kawai", in ka karɓi jika hamsin ka kasa biya suna haɗa ruwan da uwa, bayan wata goma sha biyu ana bin ka kusan 157,000. Har ruwa bisa uwa ma yana da tarkonsa a bashi. A ce ka karɓi 300,000, aka ce 1 cikin ɗari a wata bisa uwar, kana biyan 28,000 duk wata har shekara. Kai kana ganin 12 cikin ɗari ne. Amma ai kowane wata kana rage uwar, su kuwa suna lissafi kamar duka tana hannunka har ƙarshe, sai ainihin kashin ya haura 21. A takardar rancen ka nemi inda aka rubuta TEG, shi ne adadin da ya haɗa komai. Ba dabara ba ce ka ajiye jika goma tana kawo 3.5 alhali wata jika goman tana cin ka 21.

In babu bashi, to ranar da albashi ya shigo, kafin ka biya ta wajen mai shago, ka fara cire jika gomar. Watanni shida ko takwas na farko ta tafi tukunyar larura, daga nan ta koma ta nesa. In ana iya sa banki ya riƙa cirewa da kansa ranar biyan albashi, ka sa hannu a yi hakan. Ka samo ƙaramin littafi, duk ƙarshen shekara ka rubuta lamba biyu kawai: abin da ka zuba, da abin da ya ƙaru da kansa. Shekara ta biyu za ka ga ƙarin wajen jika huɗu ne, kada ya ba ka haushi. Wajen shekara ta ashirin da ɗaya, a wannan lissafin namu, abin da kuɗin ke haifarwa a shekara zai kamo 120,000 ɗin da kake zubawa da guminka, daga nan kuma ya wuce shi. In ka kawo mini takardar da bankin ya ba ka kafin ka sa hannu, sai mu duba ta tare. Allah ya sa albarka a abin da kake samu.